Miliyan uku da hamsin: yadda cikon kuɗin dankali ya maƙale tsakanin Farin Gada da Abuja

Ciniki ne na dankalin Turawa buhu 120, tsakanin wani dattijon dillali a kasuwar Farin Gada ta Jos da wani kamfani a Abuja da ke kai wa otal-otal kayan abinci. Dankalin daga Bokkos aka ɗauko shi, aka sake zuba shi a Farin Gada, mota ta bi ta Akwanga da Keffi ta isa lafiya, aka sauke aka ƙirga, buhu bai yi ciwon kai ba. Amma da aka zo biyan ciko sai magana ta tsaya, domin bashi ɗaya ya fito da lamba uku. Takardar da akawun kamfanin ta rubuta ta ce ₦3,500,000. Lissafin da kwamfuta ta tara daga layukan wannan takardar ya ce ₦3,210,000. Shi kuwa Alhaji, mai kuɗin, abin da yake jira a asusunsa ₦3,050,000 ne, wato ƙasa da duka biyun.

Manajan kamfanin ba ya jin Hausa. Abin da ya gani kawai shi ne ana neman miliyan uku da rabi alhali layukan ba su kai haka ba, sai ya ɗauka dillali ya cusa ₦290,000 a ƙasa, ya hana a biya har sai an yi masa bayani. Labari ya koma Farin Gada cewa mutanen Abuja suna zargin Alhaji da ƙari, kuma duk wanda ya san dillalai ya san wannan kalmar ta fi asarar kuɗi zafi a wurinsu. Akawun 'yar ƙanwata ce, Bahaushiya, tashin Kubwa, Hausarta ba ta da aibu a gida ko a tasha. Ni kuma ina rubuta wa 'yan kasuwa takardun ciniki a Jos, shi ya sa ta turo mini saƙon murya da Alhaji ya aika mata tare da takardar da ta cika, ta ce, "Kawu, don Allah ka saurara, ni dai abin da ya faɗa na rubuta."

Ga abin da ya faɗa, bayan gaisuwa:

"'Yata, kaya buhu ɗari da ashirin ne. Manya tamanin, arba'in da biyar-biyar. Matsakaita arba'in, su kuma talatin ba biyu. Mota ɗari shida da hamsin. Lodi da ɗinki ɗari biyar-biyar. La'ada dubu-dubu. Kun ba da kafin alƙalami miliyan biyu da ɗari biyar. Saura miliyan uku da hamsin. In direba ya sauke a ba shi jaka ashirin da biyar ya sha ruwa."

A Farin Gada babu wanda zai sake tambaya idan ya ji wannan saƙo. Cikakke ne ga mai kasuwa. Matsalarsa tana fitowa ne lokacin da za a mayar da shi lambobi a takardar Turanci, inda kowane sifili sai an rubuta shi kuma babu wurin da za a bar wa mai karatu ya cike da saninsa.

Abu na farko da mai rubutu zai lura da shi shi ne cewa Alhaji ya ambaci farashi biyar amma sau ɗaya kawai ya furta kalmar dubu, a wurin la'ada. Haka bakin kasuwa yake tun da kuɗi suka yi yawa: abin da kowa ya sani ba a ɓata numfashi a kansa. Buhun dankali ba zai zama naira arba'in da biyar ba, don haka "arba'in da biyar" na nufin ₦45,000. Wannan bai wahalar da yarinyar ba. Inda ake bukatar natsuwa shi ne layi biyu da ke maƙwabtaka da juna. "Mota ɗari shida da hamsin" ₦650,000 ne, an haɗiye dubu. "Lodi da ɗinki ɗari biyar-biyar" kuwa ₦500 ne na gaske a kan kowane buhu, babu dubun da aka haɗiye. Ɗari ɗaya ce a baki, amma ta farko ta ninka ta biyu sau dubu. Babu wata alama a cikin jimlar da za ta raba su. Abin da ke raba su shi ne sanin cewa babbar mota ba ta tashi daga Jos zuwa Abuja a kan kuɗin da bai sayi litar gas ba, kuma ɗan dako ba ya karɓar rabin miliyan a kan buhu. Wanda bai san farashin abin da ake magana a kai ba, ko da ya haddace ƙirgan Hausa daga ɗaya har tiriliyan, bai kamata ya zauna ya cike sifilai shi kaɗai ba.

Maimaita lambar nan ma aiki take yi. "Biyar-biyar" da "dubu-dubu" suna gaya wa mai saurare cewa kuɗin na kowane buhu ne, sai an ninka. Mota ba a maimaita ta ba domin dunƙule ce. Idan aka rubuta la'ada ₦1,000 aka wuce, an tauye dillali ₦119,000. Sai dai ba kullum ake maimaitawa ba. A layin matsakaita Alhaji bai ce "biyu-biyu" ba, ya bar shi ya bi sahun layin da ya gabace shi, kuma duk mai hankali ya san buhu arba'in ba za su tashi a dubu ashirin da wani abu gaba ɗayansu ba.

A wannan layin ne kuskuren farko ya shiga. Ta ji "talatin da biyu", ta rubuta ₦32,000. Abin da ya ce "talatin ba biyu" ne, wato talatin a cire biyu, ₦28,000. Ƙirga ta hanyar ragi tsohuwar al'ada ce a Hausa: ashirin ba ɗaya sha tara ne, ashirin ba biyu sha takwas, ɗari ba biyar casa'in da biyar, wasu kuma su ce "babu" maimakon "ba". Yaran makaranta yanzu ba su cika amfani da ita ba, amma a bakin dattawan kasuwa tana nan da ranta, musamman idan an yi tayi an ja har mai kaya ya sauko kaɗan daga cikakkiyar lamba. A saƙon da aka ɗauka a tsakiyar kasuwa, ga ƙarar inji ga masu lodi suna ihu, tsakanin "ba" da "da" harafi ɗaya ne. Na saurara na maimaita kafin na tabbata, kuma ban dogara da kunnena ba sai da lissafi ya goyi baya. Bambancin dubu huɗu ne a buhu, a buhu arba'in ya zama ₦160,000.

Na biyun shi ne babba, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin ba na rashin ji ba ne. Ta ji "miliyan uku da hamsin" daidai. A waya ta tura wa manaja `3.5m`, daga nan ya shiga takarda a matsayin ₦3,500,000. Da na tambaye ta dalili sai ta ce ai uku da hamsin uku da rabi ne. A naira da kwabo gaskiyarta, tun da kwabo ɗari ne naira ɗaya, hamsin rabi ne, kuma duk wanda ya yi makaranta idonsa ya saba ganin 3.50 ya karanta uku da rabi. Amma miliyan ba ɗari ake raba ta ba, dubu sau dubu ce. Rabinta dubu ɗari biyar ne. Abin da ya biyo bayan "miliyan kaza da" a bakin ɗan kasuwa dubbai ne, don haka hamsin dubu hamsin ce, kashi ɗaya cikin ashirin na miliyan, kuma idan za a gajarta ta a waya `3.05m` za a rubuta. Sifilin nan da ke bayan ɗigo shi kaɗai ya ɗauki ₦450,000.

Shaidar tana cikin saƙon kansa. Jimla ɗaya kafin wannan, Alhaji ya kira kafin alƙalami "miliyan biyu da ɗari biyar", kuma rasidin banki ya nuna ₦2,500,000. Ke nan a bakinsa rabin miliyan ɗari biyar ne. Mutumin da ya kira rabi da ɗari biyar ba zai juyo a numfashi na gaba ya kira shi da hamsin ba. Wannan dabara tana da amfani a kowane irin saƙo: a nemi lamba ɗaya da takarda ta riga ta tabbatar, rasidi ko shaidar tura kuɗi, a ga yadda mai maganar ya furta ta, sai a auna sauran da ita.

A ƙa'idar ƙirga zalla ma akwai karatu na uku, ₦3,000,050, miliyan uku da naira hamsin. Babu mai nufin haka a cinikin dankali, amma yana nuna inda gizo ke saƙar. Turanci yana fara faɗin adadi sannan ya rufe shi da dubu ko miliyan, saboda haka mai saurare ya san inda rukuni ya ƙare. Hausa tana fara faɗin dubu ko miliyan sannan adadi ya biyo, kuma "da" ɗin da ke haɗa ashirin da biyar shi ne dai ke haɗa dubbai da 'yan canjin da ke bayansu. Shi ya sa "dubu ashirin da biyar" zai iya zama 25,000 ko 20,005, "dubu ɗari da hamsin" kuma 150,000 ko 100,050. A maganar kuɗi kusan kullum na farkon ake nufi. Wanda ke son na biyun shi ne zai ƙara kalma, ya ce dubu ɗari da naira hamsin, ko in abin ƙirgawa ne ya ce dubu ashirin da guda biyar. Hausa ba ta rasa hanyar rufe lamba ba, a kasuwa ne ba a damu da rufewa ba, tun da mai saye da mai sayarwa duka suna kallon kayan.

Da aka gyara layukan biyu, lissafin ya zauna haka:

```
80 × 45,000  = 3,600,000
40 × 28,000  = 1,120,000
               650,000
120 × 500    =    60,000
120 × 1,000  =   120,000
             = 5,550,000
5,550,000 − 2,500,000 = 3,050,000
```

Ya faɗo daidai kan miliyan uku da dubu hamsin, babu ko kwabo a sama. Wannan dacewar ce hujja, ba kunnena ba. Da "talatin da biyu" ya faɗa, da cikon ya zama miliyan uku da ɗari biyu da goma, kuma da haka zai furta shi. Dillalin da ya shekara yana wannan aiki yakan tara lissafinsa a ka kafin ya buɗe baki, don haka jimillar da ya faɗa a ƙarshe ita ce ma'aunin duk layukan da ke sama. Takardar farko ta riga ta nuna akwai matsala tun da layuka sun ba da ₦3,210,000 ƙasa kuma ta ce ₦3,500,000. Laifin ofis bai wuce cewa da suka ga saɓanin sun fara zargin mutum ba su fara zargin rubutu ba.

Sai dai wannan gwajin yana da iyaka. Yana aiki ne idan mai magana ya faɗi jimilla. Idan ya lissafa kaya ya yi shiru, babu abin da za a auna da shi, dole a kira shi a nemi ya faɗa da bakinsa, ba a faɗa masa ya ce e ba. Kuma ba ya kama kuskuren da ya shafi kowane layi daidai wa daida. Idan saƙo duka a dubbai yake, wani ya rubuta shi duka a naira, lissafi zai dace tsaf alhali an yi ƙasa sau dubu. Can sanin kasuwa kaɗai ke ceto.

Mataki na ƙarshe kafin a sake rubuta takarda shi ne karanta wa Alhaji lambobin a rufe. Na ce mata kada ta tambaye shi "miliyan uku da hamsin ko?", domin zai ce e, ita ta ci gaba da jin abin da take ji, shi ma haka. A mayar masa da kowace lamba da cikakken sunanta, a kuma canza hanyar faɗa. Ta kira shi ina kan layi, ta ce, "Baba, matsakaita naira dubu ashirin da takwas kowane buhu?" Ya ce haka ne. "Mota naira dubu ɗari shida da dubu hamsin?" Ya ce haka ne. "Ciko naira miliyan uku da naira dubu hamsin, ba miliyan uku da rabi ba?" Ya ce, "Subhanallahi, rabi kuma? 'Yata, wa ya ce rabi? Ni hakkina nake nema, ba na wani ba." Daga nan ya juyo kaina, ya ce, "Malam, ka gaya wa mai gidansu ban taɓa ƙara wa mutum sisi ba." An gaya masa.

A takardar biya ta kamfani ana rubuta kuɗi sau biyu, da lamba da kuma kalmomin Turanci, kuma nan ma sai an kula, domin wanda ya cika layin kalmomi yakan kwafa daga lambar da ke gabansa, kuskure ya zama biyu masu gaskata juna. A cak, doka ta fifita abin da aka rubuta da kalmomi idan ya saɓa da lamba, kodayake a aikace banki yakan mayar da cak ɗin ne a gyara. Shawarar da na ba ta ita ce ta ƙara layi na uku da Hausa a rufe, "naira miliyan uku da dubu hamsin", domin shi ne layin da dillali ko yaronsa zai iya karantawa ya ce e ko a'a da sani.

Tarkon hamsin da ɗari biyar ba a dankali ya tsaya ba, yana hawa sama yadda yake. Duk wanda ke mayar da labarin kasafin kuɗi ko na kwangila daga Turanci zuwa Hausa, ko akasin haka, yana cin karo da shi. `1.5bn` biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyar ne, `1.05bn` biliyan ɗaya da miliyan hamsin, tsakaninsu miliyan 450. Sannan akwai masu cewa miliyan dubu maimakon biliyan, kamar yadda ake yawan ji a rediyo, kuma daidai ne, tun da biliyan miliyan ce sau dubu, sifili tara. A wannan salon "miliyan dubu biyu da ɗari biyar" ₦2,500,000,000 ne. Idan kunne ya tsallake kalmar dubu, ya zama miliyan biyu da ɗari biyar, kuɗin kafin alƙalamin Alhaji. Ni a rubutu na fi son biliyan saboda wannan dalilin, ko da miliyan dubu ta fi daɗin ji.

Saura jaka. Ita ba ta cikin lissafin ciko, kyauta ce Alhaji ya roƙa wa direba, amma yarinyar ta rubuta ta a gefe ₦25,000, a zatonta jaka dubu ce. Jaka a Nijeriya ₦200 ce. Asalinta jakar tsabar kuɗi ta fam ɗari, kuma da aka koma naira a ranar 1 ga Janairun 1973 aka canza fam ɗaya a naira biyu, sai fam ɗari ya zama naira ɗari biyu, sunan ya bi kuɗin. Ta wannan hanyar ce fam ya zama ₦2, sule ya zama kwabo goma. Jaka biyar ke nan dubu ɗaya, jaka ashirin da biyar ₦5,000. Zaton nata bai zo daga iska ba, domin a Jamhuriyar Nijar jaka sefa dubu ce, kuma can ƙirgan kuɗi da dala ake yi, dala ɗaya sefa biyar, ta yadda "ɗari" a bakin ɗan Maraɗi sefa 500 ce. Wanda ke rubuta wa fatake takarda, idan ya ji jaka ko dala, sai ya fara sanin daga wane gefen iyaka mai maganar ya fito da kuma kuɗin wace ƙasa yake nufi.

Kamfanin ya tura ₦3,050,000 a ranar da aka gyara takardar, manaja ya sa aka ba Alhaji haƙuri ta bakin akawu. Direba ya riga ya juyo Jos kafin a warware maganar jaka, don haka dubu biyar ɗinsa ta asusun Alhaji aka haɗa aka turo. Alhaji bai canza yadda yake aika saƙo ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a nemi ya canza ba. Abin da ya canza a ofis ne: yanzu ba a shigar da lamba daga saƙon murya sai akawu ta ninka ta tara ta ga ta dace da jimillar da dillali ya faɗa, sannan ta karanta masa a rufe. Akwai abu ɗaya da har yanzu ba su daidaita ba, wanda ba na lamba ba ne: manaja yana ganin la'adar dubu-dubu mai kaya ya kamata ya biya, Alhaji kuma ya ce da aka yi ciniki a kan mai saye aka ɗora ta. Sun bar shi sai lodi na gaba, za a rubuta shi a takarda kafin a ɗinke buhu.